Tazara Kafin Ƙarfi: Shirya Makirufo Marar Waya da Lasifikar Hannu a Tarukan Ƙasar Kurfai

Tsakure

Wannan maƙala ta dubi kukan da lasifika ke yi a tarukan jama'a na Filinge da ƙauyukan Kurfai, inda akasari ake aiki da akwati guda mai batir da makirufo biyu marasa waya. Hujjar da take kafawa ita ce, kukan ya fi alaƙa da tazarar da ke tsakanin baki da makirufo da lasifika fiye da ingancin na'urar. An ɗauki misalin taro mai zurfin mita 20, an yi lissafinsa a shiri biyu, aka ga bambancin desibel 32 ba tare da an sayi komai ba. Daga nan aka duba abin da rashin waya ke jawowa, da yadda ake bambanta kuka da sauran ƙararraki, da inda lissafin ke gazawa.

1. Gabatarwa

Filinge na cikin jihar Tilaberi, kimanin kilomita 180 arewa maso gabas da Yamai, a kwarin Dallol Boso, kan hanyar da ta ratsa Baleyara da Bonkuku. Ita ce cibiyar ƙasar Kurfai. Kurfayawa Hausa suke yi, amma duk wanda ya ci kasuwar Lahadi ta garin ya san kunne na jin Zabarmanci da Tamashek da Fulatanci a rumfa guda. Wannan ya shafi batunmu kai tsaye, domin taron sulhu tsakanin manoma da makiyaya, ko na rigakafin dabbobi, ko na bankin cimaka, da wuya a gama shi ba tare da tafinta ba. Tafinta kuwa makirufo na biyu ke nan.

Na'urar da aka fi gani a irin waɗannan taruka ita ce akwatin nan mai taya da hannun ja. Lasifika da amfilifaya da batir da na'urar karɓar saƙon makirufo duk suna ciki. An saba a ajiye shi a ƙasa, gefen teburin manyan baƙi, domin mai kula da shi ya riƙa kaiwa ga maɓallai. Da an buɗe taro da addu'a sai ya ƙwalla ƙara, yara su toshe kunne, a rage murya, na baya su ce ba sa ji, a ƙara, ya sake ƙwallawa. A ƙarshe a yanke hukunci cewa na'urar ce ba ta da kyau. A mafi yawan lokuta hukuncin zalunci ne.

2. Mafarin kukan

Makirufo ba ya tantance murya. Abin da ya iso gare shi yake ɗauka, ko daga bakin mai magana ko daga lasifika. Idan sautin da ya fito daga lasifika ya dawo cikin makirufo, amfilifaya zai ƙara masa ƙarfi ya sake fitar da shi. Muddin abin da ya dawo bai kai ƙarfin na farko ba, kowane zagaye yana raguwa har ya mutu. Idan ya wuce, kowane zagaye ƙaruwa yake yi, cikin ƙiftawar ido na'urar ta kai ƙarshen ƙarfinta. Masu gyaran rediyo da suka yi karatu da Faransanci suna kiran abin da sunan Søren Larsen, masanin kimiyya ɗan ƙasar Denmak da ya rayu daga 1871 zuwa 1957. Sharaɗin da ke raba zagaye mai mutuwa da mai ƙaruwa kuwa, Harry Nyquist ya tsara shi a lissafe a 1932.

Kukan yana fitowa da sauti guda ne saboda makirufo da lasifika ba sa ba kowane sauti ƙarfi daidai. Akwai wanda suka fi ɗagawa, shi ne ke fara tsallake iyaka. Kafin ya tsallake yana ba da sanarwa: ƙarshen kowace kalma sai ya riƙa jan wata 'yar jela mai amo. Mai kula da na'ura da ya koyi jin wannan jela ya rage rabin wahalarsa.

Ma'aunin da za mu yi aiki da shi shi ne desibel. Ƙa'ida guda ta ishe mu: a fili, inda babu bango, duk lokacin da tazara ta ninka, sauti yana raguwa da desibel 6. Idan tazara ta koma rabi, yana ƙaruwa da desibel 6.

3. Lissafin taro guda

A ɗauka ana taron rabon iri kafin damina a ƙofar fadar maigari, jama'a zaune kan tabarmi, daga mai magana zuwa mutumin ƙarshe mita 20. Tambaya ta farko ita ce, ƙarin ƙarfi nawa ake buƙata? Muna so na ƙarshe ya ji kamar yana mita 2 daga mai magana. Daga mita 20 zuwa 2 ninki goma ne, wato desibel 20. Wannan shi ne bashin da ke kan na'urar.

Tambaya ta biyu, nawa za ta iya biya kafin ta yi kuka? Injiniyoyin sauti suna da lissafin da suke aiki da shi tun shekarun 1960:

```
PAG = 20·log10[(D1 × D0) / (D2 × Ds)] − 10·log10(NOM) − 6
```

A nan PAG ita ce amsar tambayar, D0 ita ce tazarar mai magana da mutumin ƙarshe, D1 tazarar makirufo da lasifika, D2 tazarar lasifika da mutumin ƙarshe, Ds kuma tazarar baki da makirufo. NOM yawan makirufon da ke kunne ne a lokaci guda. Desibel 6 na ƙarshe ajiya ce da ake bari, domin kada a zauna a bakin iyaka.

Mu fara da shirin da aka saba. Akwati yana ƙasa, mita 1 daga mai magana, saboda haka shi ma mita 20 ne tsakaninsa da na ƙarshe. Mai magana dattijo ne, ya riƙe makirufo a ƙirji, santimita 30 daga baki. Tafinta na tsaye da nasa a kunne yana jiran a kai aya. Lissafin tazarorin ya ba da desibel 10.5. A cire 3 saboda makirufo biyu, a cire 6 na ajiya, saura 1.5. Ana bin na'urar 20, abin da ke hannunta 1.5. Ko da an cinye ajiyar duka, 7.5 za a samu. Babu murɗa maɓallin da zai cike wannan giɓi, kuma da za a kawo akwatin da ya fi wannan ƙarfi sau goma, lambar ba za ta motsa ba, domin babu wat a cikin lissafin ko kaɗan.

Yanzu a gyara abu uku. A ja akwatin gaba da ɗan gefe, ya zama mita 4 daga mai magana, fuskarsa na kallon jama'a. Hakan ya rage tazararsa da na ƙarshe zuwa kamar mita 17. A kawo makirufo santimita 5 daga baki, wato faɗin yatsu uku. A kashe na tafinta har sai lokacinsa ya zo, ko su riƙa karɓa-karɓa da guda ɗaya. Lissafin tazarorin ya koma 39.5, a cire 6, saura 33.5. An biya bashin 20, da rarar 13.5.

Yana da kyau a ga inda desibel 32 ɗin suka fito. Matso da makirufo baki ya kawo 15.6. Nisanta akwati ya kawo 12. Kashe makirufo na biyu ya kawo 3, kusantar akwati ga jama'a kuma 1.4. Kusan rabin ribar ke nan daga santimita 25 da ke tsakanin ƙirji da leɓe.

A nan ne batun ya bar hannun kimiyya ya shiga na al'ada. Babba a ƙasar Hausa ba ya ɗaga murya, kuma cusa abu a baki gaban jama'a bai yi kama da dattako ba. Ba banza ba fada ta tanadi sanƙira, mai ɗaukar maganar sarki ya isar da ita ga taro da ƙarfi. Ga kuma mai rawani da amawali, ko Ba'abzine da ya rufe baki, wanda ƙyallen ke tauye kaifin muryarsa tun kafin ta isa makirufo. Yaro mai kula da na'ura ba zai iya ce wa maigari ya matso da abin bakinsa ba. Hanyar da ta fi dacewa ita ce a sa mutum guda ya durƙusa gefe ya riƙe wa babba makirufon, yana bin bakinsa. Girma ya ƙaru, tazara ta ragu. Idan babban ya fi son yin magana a hankali mai gabatarwa ya maimaita, to makirufon na mai gabatarwa ne, kuma an koma tsarin da fada ta sani tun da.

Rarar 13.5 tana da ranarta. Idan taron ya faɗo ranar Lahadi kusa da kasuwa, ga babura ga kukan dabbobi, sai an sa na ƙarshe ya ji kamar yana mita 1 daga mai magana. Bashin ya tashi zuwa desibel 26, shiri na biyu yana ɗaukarsa. Sai dai na gaba za su sha ƙara. Maganin wannan shi ne ɗaga akwatin sama da kan mutane, kamar mita 2, a kan ƙafarsa ta ƙarfe ko a kan tebur da aka ɗora wa benci aka ɗaure. Akwatin da ke ƙasa sahun farko yake yi wa magana, jikinsu ya shanye kaifin sautin, na baya su samu gurnani kawai.

4. Fuskar makirufo da fuskar lasifika

Lissafin da ya gabata ya ɗauka cewa makirufo na ji ta ko'ina daidai, lasifika ma na watsawa ko'ina daidai. A zahiri dukansu suna da gaba da baya, kuma wannan ƙarin riba ne ga wanda ya sani. Makirufon hannu na yau da kullum ya fi ji ta gaba, ta gefe jinsa ya ragu da kimanin desibel 6, ta baya kuwa kusan kurma ne. Mai magana da ke fuskantar jama'a, akwati na gabansa, ya haɗa alheri biyu: yana bayan lasifika, kuma gindin makirufonsa ne ke kallon wajenta. Mai tambaya daga cikin jama'a da ya fuskanci teburin manya shi ma lafiya lau, domin makirufonsa ya juya wa akwatin baya. Mai hatsari shi ne mai gabatarwa da ya shiga gaban akwati ya ba shi baya, ko ya gama magana ya saki hannu, kan makirufon ya leƙa cikin lasifika.

Kurmancin bayan makirufo yana zuwa ne daga wasu ƙananan ƙofofi da ke bayan ƙwayarsa, a ƙasan ragar. Matasa masu kwaikwayon mawaƙa sukan dunƙule hannu a kan ragar. Da an toshe ƙofofin nan, makirufon ya koma mai ji ta ko'ina, kuma kogon tafin hannu ya ƙara wa sauti mai kaifi ƙarfi. Haka wanda ya ji kuka ya fara sai ya rufe kan makirufon da hannu, ya ƙara wa wutar mai. A riƙe shi a tsakiyar jiki, idan ya fara kuka a kawar da kansa daga akwatin ko a kashe.

Bayan lasifika ma ba shiru ne gaba ɗaya ba. Sauti mai kaifi, kamar 4000 Hz, tsawon igiyarsa bai kai santimita 10 ba, saboda haka gaba yake miƙewa. Mai kauri, kamar 200 Hz, tsawonsa ya kai mita 1.7, ya fi akwatin girma, yana zagayowa baya ba tare da wahala ba. Daga nan ake gane cutar ta hanyar jin muryarta. Idan fito ne siriri, makirufo ya shiga gaban lasifika ko an dunƙule shi. Idan gurnani ne mai kauri, an yi kusa da akwatin ta baya, ko an jingina shi da bango ko kusurwa, ko BASS ya yi yawa. Matso da makirufo baki shi kansa yana ƙara kaurin murya, don haka rage BASS ba ya cutar da magana. Abin da ke sa a fahimci kalma yana cikin sauti mai kaifi ne.

5. Abin da rashin waya ke jawowa

Waya takan ɗaure mai magana wuri guda. Da aka cire ta, D1 ta daina zama lamba tsayayya, ta koma duk inda ƙafa ta kai shi. Wanda ya tako daga mita 4 zuwa mita 1 ya zubar da desibel 12, kusan duk rarar da muka tara. Saboda haka a ja layi a ƙasa, ko a shimfiɗa tabarma a ce nan ne wurin magana. Mai kai makirufo ga masu tambaya ya kashe shi kafin ya gifta akwatin.

Wasu makirufon masu araha suna ɗaga ƙarfinsu da kansu idan suka ji shiru. Alamar ita ce kukan ba ya zuwa lokacin magana, sai mai magana ya tsaya jan numfashi ko jiran tafinta. Irin wannan yana buƙatar ajiya fiye da desibel 6.

Akwai kuma ƙararrakin da ake ɗora wa kuka laifinsu alhali ba shi ba ne. Makirufo biyu da suka hau zangon rediyo guda suna haifar da fito mai rawa da yankewar murya. Wannan na yawan faruwa ranar kasuwa, inda mai tallar magani ke jan akwati irin naka a bayan rumfa. Matsawa daga lasifika ba ya canza shi, sai an sauya zango idan na'urar ta yarda, kuma yawancin masu VHF zangonsu a kafe yake, masu UHF ne suka fi ba da zaɓi. Ƙarar da ke tafe da tsattsagewa da ɗaukewar murya, musamman idan mai magana ya yi nisa, batirin makirufo ne ya yi sanyi, ko hannu ya rufe gindinsa, inda eriya take a yawancinsu. Gunji mai kauri da ba ya tashi ba ya sauka, wutar lantarki ce mai 50 Hz ke shigowa ta caja ko janareta. A zare cajar, idan ya ɗauke an gano shi. Gwaji ɗaya ya raba gardama: kuka na gaskiya yana bin tazara, yana ƙaruwa idan an kusanci akwati, yana mutuwa idan an nisanta.

Zafin watan Afrilu da Mayu a wannan yanki yana wuce digiri 40, kuma batir ba ya son rana. Akwatin ya samu inuwa, makirufo ya samu sababbin batura kafin taro, da wasu a aljihu. Soson da ake sa wa kan makirufo yana tare iskar hunturu da ƙura da bugun haruffa irin su b da f.

6. Saiti kafin jama'a su taru

Bayan an kafa akwati, a mayar da ECHO sifili. Wannan maɓalli na masu waƙa ne, yana maimaita sauti da gangan, yana tsawaita jelar nan, yana kuma dagula kalmomi. A rage BASS ƙasa da tsakiya, a bar TREBLE a tsakiya. A sauke MIC VOL gaba ɗaya. Mutum guda ya tsaya da makirufo a wuri mafi kusa da akwati da za a yarda wani ya taka, yana ƙirga lambobi da muryar taro. Wani ya riƙa ɗaga MIC VOL sannu a hankali har jelar ta bayyana. Nan ce iyaka. A koma baya har jelar ta ɓace, a ƙara komawa kaɗan. Maɓallan waɗannan akwatuna ba su da alamar desibel, amma manhajar auna ƙara ta wayar salula tana iya nuna saukar 6. A manna salatif a wurin, kada kowa ya wuce shi.

Sai mutum na uku ya je sahun ƙarshe ya saurara. Idan bai ji ba, ba a taɓa maɓalli. Ana matsar da akwati ne zuwa ga jama'a, ko a ƙara masa tsawo, ko a gyara riƙon makirufo. Idan za a kunna makirufo biyu tare, a yi gwajin da biyun a kunne.

7. Inda lissafin ke gazawa

Duk abin da aka faɗa na fili ne. A cikin aji mai bangon siminti da rufin kwano, sauti na dawowa daga ko'ina. A ɗauki ajin mita 9 da mita 7, tsawonsa mita 3, wanda amonsa ke ɗaukar kamar daƙiƙa ɗaya da rabi kafin ya mutu idan babu kowa ciki. A irin wannan ɗaki, da an yi nisan mita ɗaya da rabi daga akwati, sautin da bango ke maidowa ya fi wanda ke zuwa kai tsaye. Daga nan nisanta akwati ba ya ƙara kawo desibel 6 a kowane ninki, ribar 12 da muka samu a fili ta zube. Abin da ya rage shi ne tazarar baki da kashe makirufo na biyu. Buɗe tagogi da shimfiɗa tabarmi suna taimakawa, cikar ɗaki da mutane ta fi su, domin jiki da tufafi suna shan amo. A ganina, taron mutum arba'in a aji ba ya buƙatar lasifika ko kaɗan. Rumfar zana ko gindin bishiya sun fi ɗakin kwano sauƙin sarrafawa, sai dai a bar taku biyu ko uku tsakanin mai magana da katangar da ke bayansa.

Akwai na'urorin da ke kashe kuka da kansu. Manfred Schroeder ya nuna a 1964 cewa gusar da sauti da kimanin 5 Hz kafin a fitar da shi yana ƙara 'yan desibel, na zamani kuma suna gano sautin da ke kukan su datse shi. Ribarsu ba ta kai giɓin 18.5 da muka gani a shiri na farko ba, saboda haka ba sa ceton akwatin da aka ajiye kusa da mai magana.

8. Shawara ga masu saye

Ƙungiyoyin manoma da na mata, da kwamitocin masallatai, da ma'aikatun magajin gari na ƙasar Kurfai, idan kuɗi ya samu, kada lambar wat da aka buga a kwali ta ja ku. Lasifikar da ke ba da desibel 90 a wat guda, wat 10 na gaskiya sun ishe ta isar da magana mita 17 a ranar kasuwa. Ku nemi akwatin da ke da ramin ƙafa a ƙasansa, ku sayi ƙafar tare da shi, ku zaɓi makirufon da ake iya sauya wa zango, ku haɗa da soso da batura. Sannan ku ware mutum biyu ga kowane taro, ɗaya a wurin maɓalli, ɗaya mai riƙe wa manya makirufo, su iso rabin awa kafin jama'a su yi gwajin iyaka.